Falo ya koma gidan 'yartsana

Malam, na gama rendar falo, wato hotonsa na 3D a kwamfuta, haske ya yi kyau, amma mai gidan ya ce kamar gidan 'yartsana. Me na ɓata?

Awo ka ɓata. Kuma ko ban ga hoton ba, na san ba ka tsayar da mutum a ciki ba. Sau nawa zan faɗa? Kafin fitila, kafin labule, a fara dasa mutum mai tsayin mita 1.7 a tsakiyar ɗaki, a bar shi nan har a gama.

Ido ya haddace girman abubuwan da yake gani kullum. Ƙofa wajen mita 2.1 ce, teburin cin abinci santimita 75, mazaunin kujera 45. Kai kuwa sai ka sauko da kujera daga intanet ka jefa, ba ka auna ba. In da inci aka zana ta, manhaja ta karanta da santimita, ta ƙanƙance fiye da ninki biyu da rabi.

Amma na fi zargin tayil. A ce faɗin falon mita 4.8 ne, tayil ɗin kuma mai santimita 60 ne. Takwas ya kamata ka ƙirga daga bango zuwa bango. In huɗu ka samu, ido zai ɗauka ɗakin bai kai mita biyu da rabi ba, komai kyan haskenka. Bulo da zanen katako ma haka suke yi.

Sai kyamara, wadda kuke ratayewa kusa da silin kamar ta tsaro. Daga sama ake leƙa gidan 'yartsana, shi ya sa. Sauko da ita mita 1.6. In ƙasa a shimfiɗe take, kawunan mutanen da ke tsaye, na kusa da na nesa, za su jeru kusan a layi ɗaya. Wanda kansa ya yi nisa da layin, ko dai ƙato ne ko wada.

Kujeruna kamar suna shawagi.

Shawagin suke yi. Duba su ta gefe, ka sauke ƙafafun su taɓa ƙasa. In sun taɓa kuma babu 'yar inuwa mai duhu a gindinsu, kunna Ambient Occlusion, saitin manhaja mai sa inuwa inda abubuwa suka haɗu.

Na zana baranda ta fito mita 4 ba ginshiƙi, kaurin dakin, wato daɓen kankaren, santimita 15. Ta yi kyau?

Ta yi, tunda manhaja ba ta san nauyi ba. Dakin mai wannan kauri, in ya fito ya wuce mita ɗaya da ɗan wani abu, injiniya zai fara tari. Sa ginshiƙi ko bim.

Na ƙara mutane da Photoshop a bakin wurin ninƙaya, sai suka zama kamar an manna.

Ai mannawar ka yi. Gini ya fito a ruwa, su ba su fito ba, aljanu ke nan. Kwafi kowa, ka kifa shi daga tafin ƙafa, ka rage masa ƙarfi. Inuwarsu kuma ta bi inda ta ginin ta bi, rana ɗaya ce a sama.