Fatawa: In tambaya ta zo a dunƙule, me ya kamata a fara bincika?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Daura, ina limanci a masallacin unguwarmu. Wani ya same ni bayan La'asar ya ce: "Na saki matata, ina so in mayar da ita." Na jero masa tambayoyi: yaushe, da wane lafazi, a rubuce ko da baki, me ya haɗa su. Sai ya rikice, ya tashi. Shin na yi kuskure?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, neman bayani kafin hukunci wajibi ne a kanka matuƙar hukuncin yana sauyawa da amsar, don haka ka kyauta da ba ka yi gaggawa ba. Inda ka kauce shi ne zubo tambayoyin a lokaci guda.

Dubi koyarwar Manzon Allah (SAW). A Muwaɗɗa, daga Sa'adu bn Abi Waƙƙas, an tambaye shi game da sayen busasshen dabino da ɗanye. Abu ɗaya ya tambaya: shin ɗanyen yana raguwa in ya bushe? Aka ce e, sai ya hana. Haka mahaifin Nu'umanu bn Bashir, a Bukhari da Muslim, da ya zo neman shaida a kan kyautar da ya yi wa ɗansa, an tambaye shi ne ko duk 'ya'yansa ya yi wa irinta. Kowace tambaya ta faɗa ne daidai kan dalilin hukuncin.

To a mas'alarka, abin da za ka fara ce masa: "Wannan saki na nawa ne?" In ya ce na uku, magana ta ƙare, babu kome, wato mayar da ita, sai ta auri wani aure na gaskiya sun rabu, kuma ba ka bukatar sauran tambayoyin. In ya ce na ɗaya ko na biyu, a nan ne tambayar idda take da gurbi: tsarki uku a mazhabarmu ta Malikiyya, ko haihuwa ga mai ciki. In ba ta cika ba, ya yi kome ba tare da sabon sadaki ba, muddin an tare kuma ba hul'i aka yi ba. In ta cika, sai da yardarta, da waliyyi, sadaki da shaidu. Ka ga ba cewa na yi kada a ƙara tambaya ba. Amsar ta farko ce za ta nuna maka ta biyu.

Abin da ya fi damuna da jerin tambayoyi shi ne, mutumin da zuciyarsa ke wajen matarsa yakan tsinci wadda ta fi masa sauƙi ya amsa, wani ma daga jerin yake gano amsar da za ta fisshe shi. Sai ka halatta abin da Allah ya haramta ba ka sani ba. Ita kuwa "me ya haɗa ku" ba ta sauya adadin saki, tonon asirin gida ce kawai, ka bar ta sai in sulhu ya nema.

Ka neme shi, ka yi masa wannan tambaya ɗaya cikin taushi. In shi da matar suka saɓa a kan adadin, lamarin ya bar hannunka, ka tura su gaban alƙali. Wallahu a'alamu.