Hutu ɗaya, salla biyu: yadda za a tsara da shugaban aiki

Tambaya: Ina aiki a masana'anta, daga ƙarfe 2 na rana zuwa 10 na dare. Mu shida ne a kan inji, Musulmi huɗu, Kirista biyu. Hutu ɗaya ake ba mu, minti 45, kuma shugabanmu ya ce injin ba ya tafiya da ƙasa da mutum huɗu. Ya za mu yi da salla ba tare da mun ƙwari abokan aikinmu ba?

Amsa: Malam, ka fara rage girman buƙatar kafin ka tunkari shugabanku. Azahar za ka iya yinta kafin ka karɓi aiki, Isha'i kuma lokacinta na nan bayan ka tashi. Saura La'asar da Magariba. La'asar tana da yalwar lokaci. Magariba ce mai ƙurewa, ga shi tana matsawa gaba da baya cikin shekara, don haka kada ku nemi a tsayar muku da ƙarfe kaza. Ku nemi a riƙa duba jadawalin kowane wata.

Sai ka auna da agogo: cire safar hannu da takalmin aiki, alwala, salla, dawowa. A ce minti 15 ne. To, abin da za ku roƙa shi ne a raba minti 45 ɗin gida uku: La'asar, Magariba, cin abinci. Ba ku ƙara ko minti ɗaya ba, kuma wannan ce maganar da ke shiga kunnen mai aiki. Ku riƙa fita bibbiyu, huɗu su tsaya a kan inji.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu. Fita bibbiyu na nufin rabin awa a La'asar, rabin awa a Magariba, kuma a wannan awa guda abokan aikinku Kirista ba su da halin gusawa ko nan da can. Kullum ne fa. Saboda haka da su za ku fara zama, kafin shugaba. Ku bar musu zaɓin lokacin hutunsu su fara ɗauka. Idan aikin safe ya faɗo ranar Lahadi, ku karɓar musu, su kuma su riƙe muku lokacin Juma'a. Ka tambaye su, kada ka yi zato, domin akwai Kiristocin da Asabar ce ranar ibadarsu.

In kun daidaita, ku je tare, a rubuta, a gwada wata ɗaya. Abin da ya fi rushe irin wannan tsari shi ne minti 15 ya koma 25 saboda layin alwala ko hira. Da ka ji an fara aiko a kira ku, ko ka ga wanda ya tsaya muku yana duban agogo, ku sake auna lokacin a ranar, tun maganar ba ta kai ofis ba.