Ya za ka tabbatar babban fayil ya kwafu lafiya?

Tambaya: "Na kwafe bidiyon bikinmu mai gigabait 40 zuwa wani faifai, girmansa ya yi daidai. Zan iya goge na asalin?"

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Girma yawan bait kawai yake nuna maka. Kebul mai matsala ko faifan da ya fara gajiya kan canza abin da ke ciki, girman kuma bai motsa ba.

Abin yi shi ne ka fitar da lambar tantancewa ta SHA-256. Kwamfuta za ta karanta fayil ɗin kaf, ta ba ka haruffa da lambobi 64. Ko bit ɗaya ya canza, lambar takan birkice gaba ɗaya, don haka bambancin ba ya ɓuya. A Windows buɗe PowerShell, ka fitar da lambar na asalin da ta kwafin. A wannan misalin na asalin yana C:, kwafin kuma yana E:

```
Get-FileHash C:\biki.mp4
Get-FileHash E:\biki.mp4
```

A Linux `sha256sum` ne. Yi haƙuri da shi, gigabait 40 kan ɗauki mintuna. Lambobin biyu suka zo ɗaya, kwafin lafiya lau yake. Suka bambanta, sake kwafa, kuma ka canza kebul.

Ga inda mutane ke tuntuɓe: in ka gwada nan take bayan kwafa, kwamfuta na iya karanto wani sashe daga ƙwaƙwalwarta maimakon faifan. Cire faifan ta Eject, mayar da shi, sannan ka gwada. Wannan kan tona asirin filashin jabu mai ƙaryar girma.

Lambar ba ta gyara komai, shaida kawai take bayarwa. Ni dai ko sun dace ba zan bar bidiyon biki a faifai ɗaya ba.