Yadda za ka cire ƙurji da tabo a hoto ba tare da fuska ta koma ta roba ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo a nan Tawa. Na ɗauki hoton wata amarya, tana da kuraje biyu a goshi, da tsohon tabo a kunci, ga kuma silin gashi da ya zubo daga ƙarƙashin kallabi ya ratsa kumatunta. Da na goge su da Photoshop sai wurin ya yi sumul kamar an shafa mai, uwar ɗakinta ta ce ba ita ba ce. Ina kuskurena? Photoshop ɗina na Faransanci ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Buɗe hoton na asali, ka danna alamar madubin ƙara girma sau biyu a jere don ya tsaya a 100%, sannan ka dubi kuncin da kyau. Za ka ga ƴan ramuka birjik, da ƙananan gashi, da burbushin hoda. Waɗannan ne ke sa ido ya yarda cewa fatar mutum ce. Duk kayan aikin da ke dama launuka, kamar Flou ko Doigt, niƙe su yake yi. Gyaran kirki kuwa faci ne irin na tela: ka yanko lafiyayyar fata daga kusa, ka ɗora a kan wurin da ya lalace, da ramukanta da komai.

Kafin ka taɓa komai, danna Ctrl+J don ka samu kwafin hoton a sama, na asali ya zauna a ƙasa lafiya lau. Sai ka ɗauki Correcteur, wanda masu Photoshop na Ingilishi suke gani da sunan Healing Brush Tool. Harafin J ne ke kai ka rukunin da yake. Yana da ɗan'uwa mai suna Correcteur localisé da ke zaɓar wa kansa inda zai ɗebo fata, amma ni na fi son wanda zan nuna masa da hannuna. Abin da yake yi shi ne ya kwaso saƙar fatar daga inda ka zaɓa, launi da haske kuma ya ɗauke su daga kewayen inda ka ɗora. Shi ya sa facin ke ɓacewa cikin fuska.

Mu fara da kurajen goshi. A ce ƙurjin ya kai fiksel 20 a faɗi, to ka sa buroshinka ya zama 25 zuwa 30, ya rufe shi da ɗan rara kaɗan. Latsa maɓallin dama na linzami a kan hoton, akwatin girman zai fito, kuma a nan ne za ka ga Dureté, wato taurin bakin buroshi. Kai shi wajen 70% ko sama. Mutane da yawa suna zaton buroshi mai laushin baki ya fi, alhali shi ne ke narkar da ramukan a gefe-gefe. Riƙe Alt, ka danna a kan lafiyayyar fata ta goshin nan dai, kusa da ƙurjin, ka saki, ka danna sau ɗaya a kan ƙurjin. Sau ɗaya na ce, ban da gurzawa kamar mai wankin tukunya. Na biyun kuma ka sake ɗebo masa fata daga wani wuri daban, domin in ka maimaita wuri guda, ido zai hango ɗigo iri ɗaya a jere.

Inda ka ɗebo fatar shi ne rabin aikin. Ramukan hanci sun fi na goshi girma, fatar ƙasan ido ta fi ta kunci laushi, kuma wurin da filasha ya haska yana nuna saƙa fiye da wurin inuwa. A baƙar fata mai sheƙi wannan bambancin a fili yake. Akwai ranar da na ɗebo daga tsinin kunci mai ƙyalli na ɗora a gefen haɓar wani ango a nan Yamai, a allo ban lura ba, sai da aka wanko hoton babba na ga wurin ya yi kaushi kamar bawon lemu. Kuɗin wankin daga aljihuna ya fita.

Silin gashin nan kada ka bi shi da ja guda daga sama har ƙasa. Rage buroshin ya ɗara kaurin gashin kaɗan, ka bi shi gutsure-gutsure, kana canza wurin ɗiba bayan kowane ja biyu ko uku. Matsalar tana jiranka inda gashin ya haɗu da bakin kallabi. Da Correcteur ya kusanci iyakar launi biyu sai ya jawo launin kallabin cikin fata, ka ga wani jirwaye kamar an shafa gawayi. A nan sai ka koma Tampon de duplication, harafin S, wanda ke kwafe abu yadda yake ba tare da gauraya ba. In gashin ya fi fatar duhu, sa Mode ɗinsa a Éclaircir: abin da ya fi fatar da ka ɗebo duhu kawai zai taɓa, sauran ya bar shi. In furfura ce a fuskar dattijo, Obscurcir za ka sa. Ka bar Opacité ɗin buroshin, wato ƙarfin rufewarsa, a sama. Masu rage shi zuwa 20% suna ta shafawa sau goma, ramuka kan ramuka suke tarawa har su cinye juna, ƙarshenta robar nan dai ake komawa.

Tabon kuma, tambayi mai shi tukuna. Ƙurji baƙo ne, mako ɗaya ya tafi, amma tabon da mutum ya girma da shi danginsa da shi suka san shi. Ina kyautata zaton har da wannan a maganar uwar ɗakin. A Adar da Gobir ma sai ka ƙara kula, kada ka share wa mutum askar gidansu kana ganin gyara ka yi. Hoton fasfo ko na katin ɗan ƙasa kuwa ba a taɓa masa tabo sam.

In ta ce a rage shi, sake danna Ctrl+J a kan kwafin da ka gama gyarawa. Bi tabon da Correcteur a tsawonsa, ɗigo-ɗigo, kana ɗebowa daga gefensa na sama da na ƙasa bi da bi, har ya ɓace. Daga nan sai ka je Opacité na wannan kwafin na sama, ka sauke shi zuwa 60% ko 70%. Tabon zai dawo a dishe, ramukan fatar asali su leƙo ta ƙarƙashi. Wanda ya san ta zai gane ta, baƙo kuma ba zai tsaya a kan tabon ba.

Don ka gane ko ka wuce gona da iri, riƙe Alt ka danna alamar ido ta hoton asali, ka sake dannawa, sau da yawa da sauri. Abin da ka cire ne kawai ya kamata ya riƙa ɓullowa yana ɓacewa. In ka ga wani fili ya yi santsi fiye da maƙwabtansa, koma baya da Ctrl+Z ko ta Historique. Ka kuma ja hoton baya har fuskar duka ta shiga allo, don jirwayen launi daga nesa ya fi fitowa.

Wani lokacin laifin ba na hannunka ba ne. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ramukan sun riga sun tafi, babu abin ɗiba. Ka ce a turo maka shi ta Document. Haka ma wanda aka ɗauka da salula alhali gyaran fuska na kamarar yana kunne. In kuma a waya kake aiki da Snapseed, kayan gyaransa mai alamar filasta ba ya barin ka zaɓi wurin ɗiba, kuma girman buroshinsa yana bin yadda ka ja hoton kusa. Ja shi sosai da yatsu biyu har ƙurjin ya fito ɓaro-ɓaro, ka taɓa sau ɗaya. In facin bai zauna ba, koma baya ka ƙara jawo hoton kusa, ka sake taɓawa.