An ba ni minti goma a maimakon arba'in: waɗanne shafuka zan cire?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin noma, kuma na gabatar da bincikena kan adana wake a buhu mai ninki uku a gaban sashenmu cikin minti arba'in da shafuka 38 na PowerPoint. Yanzu an karɓi aikin a wani taron masana, amma minti goma kacal aka ba ni. Hankalina ya tashi, domin duk shafin da na duba sai in ga yana da muhimmanci. Wani ya ce in haɗa shafuka huɗu-huɗu in ƙara saurin magana. Na haɗo maka fayil ɗin, a taimaka.

Amsa: Wa alaikis salam, Malama. Na duba fayil ɗin, kuma aikinki zai shiga minti goma ba tare da ya rasa ƙarfinsa ba, amma ba ta hanyar da aka nuna miki ba. Zan fara da wannan shawara da aka ba ki, domin ita ce take rusa jawaban ɗalibai da ma na manyan malamai a kusan kowane taro, kuma har yanzu ana ta yaɗa ta kamar wata hikima.

Ki yi lissafin da kanki. Minti goma daƙiƙa 600 ne, kuma idan kika raba su ga shafuka 38, kowane shafi bai kai daƙiƙa 16 ba. A cikin daƙiƙa 16 mai sauraro bai gama gane abin da ke saman jadawali da abin da ke gefensa ba, balle ya fahimci ma'anar lambobin da ke ciki. Idan kuma kika ce duk maganar minti arba'in za ki faɗa, to sai saurin bakinki ya ninka sau huɗu, abin da ba mai iya yi, kuma ko da an iya ba kunnen da zai bi. Masu ba da wannan shawara sun ɗauka cewa matsalar yawan shafuka ce, shi ya sa suke ganin idan an cusa huɗu cikin ɗaya an warware ta. Ba haka ba ne. Abin da ke cin lokaci shi ne yawan batutuwan da sai kin yi bayaninsu, kuma batutuwa huɗu suna nan huɗu ko a shafi ɗaya suke ko a huɗu. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu ba wanda zai iya karanta su.

Wannan aikin masu shagunan kwamfuta na bakin ƙofar makaranta sun ƙware a kansa. Ɗalibi zai miƙa fayil ya ce a rage masa, sai a mayar da rubutun da girmansa yake 24 ya koma 12, a ɗauki hoton jadawali biyu a manna su gefe da gefe, a ƙara furanni da rubutu mai tsalle, a karɓi kuɗi. A fuskar kwamfuta komai yana fita tas, domin idon mai aikin yana dab da ita. A ɗakin taro kuwa, da majigi mai dishi-dishi da labulen da bai rufe hasken taga ba, wanda ke layi na biyar baƙi-baƙi kawai yake hange. Daga nan sai mai jawabi ya juya wa jama'a baya yana karanta allo, yana cewa "kamar yadda kuke gani", alhali ba wanda ke ganin komai. Mai shagon bai san wane jadawali ne zuciyar bincikenki ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Laifin na wanda ya miƙa masa wannan hukunci ne.

Ƙarshen wannan hanya kuma guda ɗaya ne kullum. Mai jawabi zai fara da doguwar gaisuwa ga shugaban zama da manyan baƙi, ya bi gabatarwa da bitar ayyukan magabata a guje, sai a ɗaga masa takardar saura minti biyu yana tsakiyar bayanin hanyar bincike. Sai ki ga yana danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa, sakamakon da ya kwashe watanni yana tattarawa yana wucewa kamar walƙiya, har ya tsaya a kan shafin godiya. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, domin an ji duk abin da kowa a ɗakin ya riga ya sani, an rasa abu ɗaya tak da aka zo ji. Wani ɓangare na laifin yana kan al'adar sassan jami'a da ke tilasta wa ɗalibi bin babi na ɗaya zuwa na biyar a jere. Wannan tsari na ranar kare kundi ne, inda masu jarrabawa ke son tabbatar da cewa kin yi karatu. Masu taro ba jarraba ki suke yi ba. Abin da kika gano suke so su ji.

Saboda haka ki rufe kwamfutar tukuna, ki rubuta jimla ɗaya a takarda, wadda kike so mutum ya maimaita wa abokinsa idan ya fita daga ɗakin. A naki aikin za ta ƙunshi yadda ɓarnar ƙwari ta bambanta tsakanin buhu mai ninki uku da buhun da aka saba, da tsawon lokacin ajiyar da bambancin ya bayyana. Wannan jimla ita ce ma'aunin kowane shafi. Bayan haka ki ajiye kwafin fayil ɗin da sabon suna, ki buɗe Slide Sorter domin ki ga shafukan duka a lokaci ɗaya, ki tambayi kowanne: idan na cire ka, shin mai sauraro zai kasa gane jimlata ko ya ƙi yarda da ita? Kada tambayar ta zama ko shafin yana da muhimmanci, domin duk abin da mutum ya sha wahala a kansa yana da muhimmanci a idonsa.

Da wannan ma'auni wasu shafukan za su fita ba gardama. Shafin jerin abubuwan da za a tattauna ba shi da amfani a jawabin minti goma. Shafin manazarta ba wanda ke karanta shi, kuma duk aikin da kika ambata za ki iya sa sunan marubucinsa da shekara a ƙasan shafin da ya shafa. Shafin godiya ya koma magana ta baki. Shafuka bakwai na bitar ayyukan magabata su ne za su fi yi miki ciwo, amma masanan da ke zaune a gabanki sun san cewa buhun yana kashe ƙwari ne ta hanyar hana iska shiga, wasunsu ma su suka yi rubuce-rubucen da kike ambata. Abin da suke buƙata daga shafuka bakwai ɗin nan jimla biyu ce: ga abin da aka riga aka tabbatar, ga giɓin da aikina ya cike.

Haɗawa ta gaskiya kuwa tana da sharaɗi: ana haɗa shafuka ne kawai idan magana ɗaya suke yi, kuma sabon shafi ake ginawa, ba mannawa ake yi ba. Shafukanki biyar na gabatarwa da uku na manufofi da hasashe duk suna zagaye abu ɗaya, don haka su zama shafi guda mai hoton waken da ƙwari suka huda da tambayar bincikenki a ƙasa, kuma a nan za ki faɗi jimlolin nan biyu na magabata. Shafuka biyu na wurin bincike da biyar na hanya su koma biyu: ɗaya ya nuna taswira ƙarama da nau'o'in buhunan da kika kwatanta, ɗayan ya nuna sau nawa kika maimaita gwajin, yaushe kika riƙa buɗewa, da abin da kika auna. Wannan na biyun kada ki taɓa shi, domin idan masani bai ga yawan maimaici da tsawon ajiya ba, ba zai yarda da sakamakonki ba komai kyawunsa. Sunan ma'aunin da kika yi amfani da shi da kamfanin da ya ƙera shi suna iya jiran tambaya.

A shafuka takwas na sakamako ne aikin yake. Na ga jadawali uku da suke ba da adadin waken da aka huda a lokuta daban-daban na ajiya. Waɗannan su zama zane ɗaya mai layuka, watanni a ƙasa, ɓarna a gefe, kowane buhu da layinsa, domin ido yana kama tazarar layi biyu nan take, abin da ba ya iya yi da lambobi talatin. Raguwar nauyi ta samu shafinta, ƙarfin tsirowar iri ma ya samu nasa, tunda shi manomi zai fara tambaya. Sauran jadawalan, har da na cikakken lissafin ƙididdiga, su fita daga jawabin. Kuma ki sauya kanun shafukan: a maimakon "Sakamako na 2", ki rubuta abin da shafin ya nuna a cikakkiyar jimla, yadda ko wanda hankalinsa ya tafi kan waya zai ɗago ya kama zaren. Shafuka huɗu na ƙarshe su zama ɗaya mai ɗauke da jimlarki, da iyakar binciken, da shawara ɗaya, kuma shi za ki bari a allo lokacin tambayoyi.

Idan kika ƙirga, shafuka takwas ne suka rage, har da na take. Ki tsara su a kan minti tara, ba goma ba, domin sauya kwamfuta da gyara makirufo sukan ci daga lokacinki. Take da gaisuwa daƙiƙa 20, matsala da tambaya minti ɗaya da daƙiƙa 10, hanya minti ɗaya da rabi, sakamako minti huɗu da rabi, kammalawa minti ɗaya da rabi. Rabin lokacin yana kan sakamako, kuma wannan rabon shi ne ya fi adadin shafukan muhimmanci. Dokar shafi ɗaya a minti ɗaya da ake yawan faɗa kimantawa ce kawai, domin hoton wake ba ya buƙatar minti, zanen layukan nan kuwa zai iya cin biyu. A kan girman rubutu, marubucin nan na Amurka Guy Kawasaki ya shahara da shawarar kada ya gaza 30. Ko ba ki kai nan ba, kada ki sauko ƙasa da 24, kuma duk abin da ya ƙi shiga da wannan girma alama ce cewa ya yi yawa.

Jadawalan da kika cire ba gogewa za ki yi ba. Ki mayar da su bayan shafin ƙarshe, ki danna Hide Slide a kan kowanne, ki rubuta lambobinsu a 'yar takarda. Idan wani ya tambayi cikakken lissafi, ki buga lambar shafin ki danna Enter, zai fito nan take.

Daga nan ki gwada da murya a tsaye, ba a zuci ba, domin karatun zuci ya fi magana sauri sosai. Rehearse Timings da ke ƙarƙashin Slide Show zai nuna miki daƙiƙun da kowane shafi ya ci. Alamar da za ki sa wa ido ita ce minti na uku: idan ya cika ba ki shiga sakamako ba, gabanin ya yi nauyi, sai ki rage daga can. Idan kuma jimillar ta haura tara da rabi bayan gwaji biyu ko uku, ki cire shafin raguwar nauyi ki faɗe shi a jimla ɗaya yayin da zanen layukan ke allo, amma kada ki ƙara sauri.