Na ce "yi haƙuri", sai faɗan ya ƙaru

"A Jidda muke. In muna faɗa da maigidana na ce masa yi haƙuri, sai ya ƙara harzuƙa. Me ya sa?"

'Yar'uwa, sau da yawa ana jin "yi haƙuri" kamar "yi shiru, na gaji". In kin faɗe ta kina kallon waya, murya a sama, ko kin biyo ta da "amma kai ma", ta tashi a banza. Ambaci laifin da bakinki: "Gaskiya ne, ban gaya maka na taɓa kuɗin haya ba."

Kuma duba lokaci. In kin ga yana huci, ba ya jin komai. Ki ce, "Mu bari sai bayan Isha," sannan ke ki fara tayar da maganar, kada ya ɗauka gudu kika yi.

In akwai duka ko barazana kuwa, lallashi ba ya magani. Sanar da waliyyinki, ki kira 1919, lambar kai ƙarar cin zarafi a cikin gida a Saudiyya.