Amshin da ke maimaituwa a Suratur Rahman

"Malamai, ina fassara Suratur Rahman, in riƙa sauya kalmomin amshin don kada mai karatu ya gaji?"

A'a ɗan'uwa, don Allah kar ka sauya. Ayar nan ta zo sau 31, farawa daga aya ta 13, lafazinta ɗaya, to Hausarta ma ta zama ɗaya har waƙafi. Ka tsayar da jimla guda tun farko, misali "To, da wanne daga ni'imomin Ubangijinku kuke ƙaryatawa?", ka riƙa kwafe ta kana liƙawa, don in da hannu kake bugawa sai ka ga ni'imomi ta koma falala a tsakiya ba ka sani ba. Inda ake zamewa shi ne bayan ayoyin azaba, mutum ya ga kamar ni'ima ba ta dace ba ya canza, bar ta yadda take, gargaɗin ma ni'ima ne. In ka gama, sa kwamfuta ta ƙirga jimlar, in ba ta kai 31 ba akwai wadda ta kauce.